"Babu Caji" Ba Kyauta Ba Ne: Abin da Ya Kamata Tallar Aika Kuɗi Zuwa Kafanchan Ta Faɗa

A watan Oktoba na 2023, hukumar kare masu hulɗa da kamfanonin kuɗi ta Amurka, wato CFPB, ta ci kamfanin da ke gudanar da manhajar Sendwave tarar dala miliyan 1.5, ta kuma umarce shi ya mayar wa abokan cinikinsa kuɗaɗen da ya caje su. Daga cikin laifuffukan da hukumar ta lissafa har da kalaman talla. Kamfanin ya shaida wa masu aika kuɗi daga Amurka zuwa Najeriya cewa babu caji, alhali ana cajin su, ya kuma yi alƙawarin cewa kuɗi na isa cikin daƙiƙoƙi, alhali sau da dama ba haka abin yake ba.

Irin waɗannan kalamai yanzu da Hausa ake rubuta su. Duk mai ɗan'uwa a Landan, Jidda ko Houston ya saba ganin ɗan gajeren rubutu a ƙarƙashin hoto: aika kuɗi gida, kyauta, nan take. Kudancin Kaduna na cikin yankunan da irin wannan talla ke shafa, domin Hausa ce harshen kasuwa da na hulɗa tsakanin Bajju, Atyap, Ham, Fantswam, Hausawa, Fulani da sauran al'ummomin yankin. Jimla guda ta Hausa tana iya kai wa ga ɗan da ke aiki a Birtaniya da kuma mahaifiyarsa da ke Kagoro. Tambayar ita ce, me ya kamata jimlar ta ƙunsa kafin a ce ta faɗi gaskiyar farashi?

Kamfanin aika kuɗi yana samun ribarsa ta hanya biyu. Ta farko ita ce kuɗin aikawa, wanda ake rubutawa a fili: dala uku, fam biyu, riyal goma sha biyar. Ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin farashin canji na kasuwa da farashin da kamfanin ya ba mai aikawa. Wannan ta biyun ba a kiran ta caji, ba ta fitowa a matsayin layi na daban a rasit, amma daga aljihu ɗaya take fita. Shi ya sa Bankin Duniya, a ƙididdigar da yake yi ta tsadar aika kuɗi, yake haɗa su biyun ya auna su a kan dala 200. A 'yan shekarun nan matsakaicin tsadar a duniya ya tsaya a wajen kashi 6 cikin ɗari, na ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa ya kusa kashi 8, wanda shi ne mafi tsada. Burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

A Najeriya, tazarar canji ta ƙara muhimmanci tun daga ranar 31 ga Janairun 2024. A ranar ce Babban Bankin Najeriya ya sabunta ƙa'idojin kamfanonin shigo da kuɗi daga waje. Ya ce da naira kawai za a biya mai karɓa, kuma duk abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai dai a zuba shi a asusun banki. Ya kuma cire iyakar kashi 2.5 cikin ɗari da a da ta taƙaita nisan da farashin kamfani zai yi da na kasuwar hukuma. Kafin wannan, tun ƙarshen 2020, mai karɓa yana iya amsar dalarsa ya kai wa ɗan canjin da ya ga dama. Yanzu canjin yana faruwa ne a hannun kamfani kafin kuɗin ya iso. Mai karɓa a Zonkwa ba shi da ta cewa a farashin. An riga an yanke shi a wayar wanda ya aiko.

Misali zai fi bayyana lamarin. A ƙaddara cewa dala ɗaya tana naira 1,500 a kasuwa, kuma wata ma'aikaciyar jinya a Amurka tana da dala 200 da za ta aika wa mahaifiyarta da ke wani ƙauye kusa da Kagoro. A farashin kasuwa, kuɗin ya kama naira 300,000. Talla ta farko ta ce babu caji, amma kamfanin yana ba da dala a kan naira 1,440. Abin da zai shiga asusun uwar shi ne naira 288,000. An rasa naira 12,000, wato kashi 4 cikin ɗari, a aikin da aka kira kyauta. Talla ta biyu ta ce akwai cajin dala 3, amma canjinta naira 1,495 ne. Bayan an cire cajin, dala 197 ta rage, wadda ta kama naira 294,515. Wanda ya fito fili ya ce yana caji ya fi mai kyautar sauƙi da naira 6,515.

Sai dai lissafin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma nan ne mutane da dama ke ruɗewa. Idan dala 50 kawai za a aika, kamfanin farko zai biya naira 72,000, na biyu kuwa naira 70,265, domin cajin dala 3 ya yi nauyi a kan ƙaramin kuɗi. A wannan misali, kamfanonin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen dala 82. Daga nan zuwa sama tazarar canji ce ke cin kuɗi, kuma tana girma tare da shi. Wanda ya aiko dala 1,000 don sayen irin citta a Kwoi ko biyan kuɗin makaranta a Gidan Waya zai yi asarar sama da naira 50,000 idan ya bi kalmar "kyauta". Saboda haka babu kamfanin da zai iya cewa shi ne mafi arha ba tare da ya faɗi a kan nawa ba.

Akwai kuma tsadar da ba ta bayyana a kowane rasit na ƙasar waje, ita ce ta zangon ƙarshe. Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, wadda ta bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920, ita ce inda rassan bankuna suka fi taruwa a yankin. Mazauna ƙauyuka da yawa ko dai su biya kuɗin mota ko na acaba su shigo gari, ko su tsaya wurin mai POS. A ƙaddara mai POS yana karɓar naira 200 a kowace naira 10,000. Cire naira 288,000 zai ci naira 5,760, wato ƙarin kashi 2 cikin ɗari. Ban da haka, a watan Disamba na 2024 Babban Banki ya ƙayyade wa kowane mutum cire naira 100,000 a rana a wurin wakilan banki, don haka kuɗin da aka ce ya isa nan take zai iya ɗaukar kwana uku kafin ya zama tsaba a hannu. Kamfanin da ke waje ba shi ne ke sanya wannan caji ba, amma tallar da ta ce "mahaifiyarka za ta karɓi kuɗinta cif" ta yi alƙawarin abin da ba ya hannunta.

Dokar Amurka ta ba da ma'auni mai amfani ga mai rubuta irin wannan talla. Tun Oktoban 2013, wajibi ne kamfani ya nuna wa mai aikawa, kafin ya biya, farashin canji, caji da haraji, da adadin da mai karɓa zai samu. Mai aikawa yana da minti 30 na soke ciniki, da kwana 180 na kai ƙorafi idan an samu kuskure. Daga 1 ga Janairun 2026 kuma an ƙara harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka aika daga Amurka idan da tsaba aka biya a kanti, ban da wanda aka cire daga asusun banki ko katin banki. Abin lura shi ne, waɗannan bayanai suna fitowa ne a allon ƙarshe, bayan mutum ya sauke manhaja, ya shigar da takardun shaidarsa, ya riga ya sa rai. Talla kuwa ita ce ta kawo shi.

Tallar da ta faɗi gaskiya ba ta buƙatar tsawo. Ga yadda za ta iya kasancewa, bisa alƙaluman misalin nan: "Biya dala 200, naira 294,515 ta shiga asusun banki a Najeriya. Kuɗin aikawa dala 3, canji naira 1,495 a kan dala ɗaya, farashin yau ne kuma yana iya sauyawa. Yawanci kuɗi na isa a ranar. Cajin mai POS ba ya ciki." Jimloli huɗu ne, kuma sun amsa abin da ake biya, abin da ake karɓa, lokacin da farashin ya shafa, da abin da ya rage a wuyan mai karɓa.

Zaɓen kalma ma yana da nasa tasirin. "Babu caji" yana iya zama gaskiya a zahiri, tunda babu layin caji a rasit. "Kyauta" kuwa a kunnen mai jin Hausa yana nufin ba a cire ko sisi ba, kuma wannan ba gaskiya ba ne muddin akwai tazarar canji. Haka "nan take" ya fi "a ranar" nauyin alƙawari. Sannan akwai farashin jan hankali da ake ba sabon abokin ciniki a aikawar farko kawai. Idan talla ta kawo shi ba tare da ta ce na farko ne kaɗai ba, wanda ya saba aikawa duk wata zai ga bambanci a wata na biyu, lokacin da gida suka riga suka tsara kashe kuɗinsu bisa na watan farko.

Ga ma'aikacin Abuja da ɗan'uwa ke turo kuɗi ta hannunsa domin ya raba a gida, gwajin mai sauƙi ne. A raba nairar da ta shigo da jimillar dalar da mai aikawa ya biya, har da caji. Abin da ya fito shi ne farashin canji na gaskiya. A misalin farko naira 1,440 ne, a na biyu kusan naira 1,473. A kwatanta shi da farashin da Babban Banki ke wallafawa a shafinsa na wannan rana, a kuma duba ko sunan kamfanin yana cikin jerin waɗanda bankin ya ba lasisi. Idan tazarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari, an biya fiye da abin da duniya ta amince ya dace, ko da kuwa tallar ta ce ba a karɓi komai ba.