Yadda Ake Gano Ainihin Mai Kamfani Idan Ya Ɓuya Bayan Wasu Kamfanoni

Doka tana ɗaukar kamfani tamkar mutum: yana iya sayen fili, ya ci bashi, ya mallaki hannun jari a wani kamfanin. Shi ya sa idan aka duba takardun rajistar wani kamfani mai zaman kansa, sau da yawa ba sunan ɗan Adam ake gani ba, sunan wani kamfanin ne. Ainihin mai shi kuwa shi ne mutumin da riba take ƙarewa a aljihunsa, ko wanda ba a tsallake maganarsa. Bincike bai kammala ba sai an kai ga irin wannan mutum.

A Najeriya ana farawa daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Da sunan kamfani ko lambar rajistarsa ana iya neman rahoton da ke nuna daraktoci, masu hannun jari da adireshi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana masu iko a kan kamfani, kuma a 2023 hukumar ta buɗe rajistarsu ga jama'a. Duk mai riƙe da kashi 5 cikin ɗari, kai tsaye ko ta bayan fage, ya shiga wannan sahu. A Birtaniya, wadda ta buɗe irin wannan rajista a 2016, sai mutum ya haura kashi 25. Idan sunan wani kamfani ya fito cikin masu hannun jari, sai a ɗauki lambarsa a sake neman nasa rahoton, a yi ta hawa mataki-mataki.

A ƙaddara wani kamfanin gine-gine ne a Kaduna. Wata 'yar kasuwa tana da kashi 40 da sunanta, sauran kashi 60 na kamfani na biyu ne. Kashi 60 na kamfani na biyu yana hannun kamfani na uku, shi kuma na ukun wani attajiri ke riƙe da kashi 60 nasa. Don sanin rabon attajirin a ribar kamfanin gine-ginen, ninkawa ake yi: kashi 60 na 60 shi ne 36, kashi 60 na 36 kuma ya zama 21.6. A ido, 'yar kasuwar ta kusa ninka shi. Amma wajen kaɗa ƙuri'a lissafin ya sauya. Attajirin ke da rinjaye a kamfani na uku, don haka shi ke juya ƙuri'ar na uku a cikin na biyu, na biyu kuma ya zo taron kamfanin gine-ginen da kashi 60 cur. Shi zai naɗa daraktoci, shi zai sauke su, alhali sunansa bai fito ko sau ɗaya a takardun kamfanin ba. A nan ne masu bincike suka fi yin tuntuɓe, domin sun lissafa rabon riba sun manta da iko.

Sawu yakan ɓace ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a ci karo da kamfanin da aka yi wa rajista a wurin da ba a nuna wa jama'a masu hannun jari, kamar tsibiran British Virgin Islands. Da yawa daga masu irin waɗannan kamfanoni ba a san su ba sai da takardun Panama suka fallasa a 2016. Ta biyu ita ce aron suna: a rubuta direba, ɗan'uwa ko ma'aikacin ofishin lauya a matsayin mai hannun jari, yarjejeniyar gaskiya kuma tana kulle a durowa. Rajistar ba ta maganin wannan ita kaɗai, tun da kamfanin ne da kansa ke kawo bayanin.

Sai dai aron suna yana barin alamu. Akan ga mutum ɗaya darakta a kamfanoni barkatai da ba su da alaƙa, ko adireshi ɗaya ya yi ta maimaituwa, ko wanda bai mallaki abin kirki ba ya riƙe jarin miliyoyi. Ranar rajista ma tana magana. An kafa kamfanin Malabu a 1998 kwanaki kaɗan kafin a ba shi rijiyar mai ta OPL 245, daga baya kuma ta bayyana cewa ministan man fetur na lokacin, Dan Etete, yana da hannu a ciki.

Idan takardun rajista sun ƙare, sai a koma ga waɗanda ba mai kamfanin kaɗai ya rubuta su ba: takardun shari'a, inda abokan hulɗa da suka ɓata sukan tona juna, da bayanan jinginar da banki ya yi wa rajista. Ana kuma jera rahotannin shekara-shekara a kwatanta, domin rahoton bana masu hannun jarin yau kaɗai yake nunawa, wanda ake nema kuwa wataƙila ya miƙa nasa ga wani tun kafin a sa hannu a kwangilar.