Haruffa Biyu a Kan Takardar Kaya: Me DE, EL da XI Suke Nufi?

Ɗan kasuwar da ke shigo da injuna daga Turai zuwa Kano yakan kafa ido a kan wuri ɗaya ne kawai idan takardar lissafin kaya ta iso masa: ƙasan shafi, inda aka rubuta kuɗin da zai biya. Amma can sama, kusa da sunan kamfani, akwai wani jeren lambobi da ya fara da haruffa biyu, wanda ba kasafai ake kula da shi ba. Wannan ita ce lambar rajistar harajin VAT ta mai sayarwa, haruffan nan biyu kuma su ne ke nuna ƙasar da ta ba shi ita.

A Tarayyar Turai, kowace ƙasa cikin ƙasashe 27 tana ɗora alamarta a gaban lambar. DE ta Jamus ce, FR ta Faransa, IT ta Italiya, NL ta Holan, ES ta Sifen, PL ta Polan. Yawancinsu daidai suke da haruffan da aka saba gani a ƙarshen adireshin intanet na ƙasar. Girka ce ta fita daban. Ko'ina a duniya da GR ake gane ta, har ma a lambar asusun banki, amma a lambar haraji EL take amfani da shi, daga sunan da Girkawa ke kiran ƙasarsu da shi. Saboda haka takardar da ta fito daga Atina da EL a layin haraji da GR a layin banki lafiyarta ƙalau.

Birtaniya kuwa ta rabu gida biyu tun 1 ga Janairun 2021, bayan ficewarta daga Tarayyar. Lambobin GB sun daina fitowa a rumbun binciken Turai, sai dai a duba su a shafin hukumar harajin Birtaniya, HMRC. Arewacin Ailan ta samu XI saboda cinikin kaya tsakaninta da Tarayyar ya ci gaba bisa dokokin Turai. Akwai kuma tarkon da ya fi kama ɗan kasuwarmu: mutum ya ga CHE ya ɗauka Chaina ce. Ta Suwizalan ce. Kamfanonin Chaina lambarsu ta rajista mai gurbi 18 ce, babu alamar ƙasa a gabanta, haka ma lambar Dubai mai alƙaluma 15. Rashin haruffa a takardar Guwanzu ko Dubai ba alamar cuta ba ce. Tsarin nasu ne haka.

To, me haruffan suke tabbatarwa? Abu ɗaya tak: ƙasar da aka yi rajistar haraji. Ba sa faɗin inda aka ƙera kaya, ba sa kuma faɗin ƙasar masu kamfani. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe.

A ɗauka wani mai gidan buga littattafai a Kano ya yi cinikin injin ɗab'i na hannu a kan yuro 10,000. Takarda ta zo da lambar da ta fara da NL, shi kuwa sai ya saki jiki cewa injin ɗan Holan ne. Alhali yana iya yiwuwa kamfanin na Chaina ne ko na Turkiyya, ya ajiye kaya a sito a Rotadam, dokar can ta tilasta masa yin rajista. Kamfani guda yana iya riƙe lambar NL da ta DE da ta PL a lokaci ɗaya, in yana ajiye kaya a ƙasashen uku. Mai son sanin asalin inji sai ya nemi takardar shaidar asalin kaya, domin ita kwastam ke dubawa.

Binciken kansa bai fi minti biyar ba. Da farko a ƙirga. Lambar Jamus alƙaluma 9 ne bayan DE, ta Italiya 11, ta Beljiyam 10. Ta Holan tana da siffa ta musamman: alƙaluma 9, sai harafin B, sai wasu alƙaluma 2, kamar NL123456789B01. Ta Ostiriya takan fara da ATU. Idan mai injinmu ya ga NL ba tare da B a wurinsa ba, ko dai an yi kuskuren bugawa ko kuma lambar ƙirƙira ce.

Ta Faransa ta fi daɗin bincike, don tana ɗauke da mabuɗinta a jikinta. Bayan FR akwai gurbi biyu, sannan lambar rajistar kamfani mai alƙaluma 9 da ake kira SIREN. Idan gurbin nan biyu alƙaluma ne, daga SIREN ake fitar da su:

```
(12 + 3 × (SIREN mod 97)) mod 97
```

Ma'anar mod 97 ita ce abin da ya rage bayan an raba da 97. A gwada da 123456789: in an raba da 97, saura 39. Sau uku ya zama 117, a ƙara 12 ya zama 129, a cire 97 saura 32. Ke nan lambar da ta dace ita ce FR32123456789. Wanda ya zauna ya ƙaga lamba daga kansa da wuya ya dace da wannan, ko da yake ɗan damfarar da ya ƙware ba ƙagawa yake yi ba, ta wani kamfani na gaske yake kwafowa.

Shi ya sa ake wucewa zuwa VIES, shafin da Hukumar Tarayyar Turai ke gudanarwa. Kyauta ne, kuma ba sai mai bincike yana da tasa lambar ba. Ana zaɓar ƙasa daga jerin, a rubuta sauran lambar ba tare da haruffa biyun farko ba. Ƙasashe da yawa, har da Holan, sukan nuna suna da adireshi, sai a gwama su da na kan takarda harafi bayan harafi. Jamus da Sifen ba sa nuna suna, sai dai su ce lamba tana aiki ko ba ta aiki. Amsar da ta ce ba ta aiki ma ba hukunci ba ce nan take: a Sifen da Italiya kamfani yana iya zama na halal amma bai shiga rajistar cinikin tsakanin ƙasashen Tarayyar ba, don haka ba zai fito ba. Wani lokaci kuma rumbun ƙasar ne ya tsaya, sai a sake gwadawa gobe.

Da lamba ta inganta, sai mai injinmu ya koma ƙasan shafin da ya saba dubawa. Kuɗin VAT na Holan kashi 21 cikin ɗari ne, wato yuro 2,100 a kan injinsa. Dokar Turai ta yafe wannan haraji ga kayan da aka fitar zuwa wajen Tarayyar, muddin akwai shaidar fitarwa daga kwastam ɗin can. Idan ya ga an ɗora masa, yana da damar tambayar dalili. Wasu masu sayarwa sukan riƙe kuɗin a matsayin jingina idan mai saye ne zai ɗauki kayan da kansa, su mayar bayan shaidar fita ta iso. Irin wannan sai an rubuta shi a yarjejeniya. Nasa harajin yana jiransa a tashar Legas.

Abu na ƙarshe shi ne lambar asusun banki, wadda ita ma takan fara da haruffan ƙasa. Lambar haraji NL, adireshi Rotadam, amma asusu ya fara da LT na Lituweniya ko da sunan wani mutum daban? Yana iya zama halal, don kamfanoni da dama suna amfani da bankunan intanet masu rajista a can. Duk da haka, kafin a kai takardar banki don buɗe Form M, gara a buga wa kamfanin waya a lambar da aka samo daga wani wuri daban, ba wadda ke jikin takardar ba, a karanta musu asusun su tabbatar.