Daga barikin Samanja zuwa falon haya

Da Usman Baba Pategi ya rasu a Nuwamban 2023, masu tura finafinai a waya sun yi ta yawo da tsofaffin guntayen Samanja Mazan Fama. Abin takaicin da wannan ya tono shi ne, dattijo a Gwaram yana hango kaki da harabar bariki ya san Samanja ne tun kafin a buɗe baki. Haka Kuliya Manta Sabo: alƙali a zaune, masu ƙara a gurfane, magana ta ƙare. Amma ka tsayar da hoton falo ɗaya daga wasannin dariya masu dogon zango na yanzu, ka nuna wa samarin da ke zaman shagon caji a Birnin Kudu, sai an yi musu kafin a ce na wane shiri ne.

Laifin na aljihu ne. Gidajen talabijin na gwamnati suna da ɗakin ɗauka nasu, a kafa kotu ko ofis a bar shi nan mako bayan mako. Furodusan Kano kuwa haya yake kamawa. Gidan da ya ɗauki kwana uku a ciki, jibi wani ne zai shiga da nasa 'yan wasan, kujerun nan dai, labulen nan dai. Ba shi da ikon canza fenti, balle ya rataya wani abu da zai zama tambarin shirinsa. Mai gida ya ƙara kuɗi ko ya gaji da hayaniya, sai zango na biyu ya tashi a wani falon, ba tare da labari ya ce an yi ƙaura ba.

Asarar tana faɗawa kan dariyar kanta. Wuri tsayayye shi ke tilasta wa waɗanda ba sa ga-maciji su zauna tare. Dubi Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019: attajiri marowaci a keken guragu, 'ya'ya birjik daga uwaye daban-daban, kowa ya tare a gidan yana jiran rabonsa. Ba mai iya tafiya, don wanda ya fita ya bar wa 'yan uba. Marubuci ba ya wahalar neman dalilin haɗa su, gidan ya gama masa aikin, shi ya sa ma sunan shirin sunan wurin ne. Daɗin Kowa ma gari guda ta gina, da tsangayarsa da lungunansa.

Akwai masu cewa a ƙaramin gilashin waya fuska ake bi, bango ba ya ganuwa. Da ɗan gaskiyarsu, don sunan jarumi ake faɗa wa mai turi. Sai dai jarumin nan yana cikin shiri biyar a lokaci guda, kuma idan ya yi fushi ya fice, shirin da ba shi da wurin kansa ba ya da abin riƙe mai kallo.