Idan Asibiti Ya Cinye Kuɗin Haya: Yadda Ake Ba Mai Gida Haƙuri da Yanka Masa Rana

A yawancin biranenmu na Arewa, irin su Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato, hayar gida ta shekara ake biya, kuma a dunƙule ake bayarwa. Shi ya sa ɗan haya mai tsari yakan fara tari tun da sauran watanni, yana jefa abin da ya samu a asusun banki ko a adashi. Sai dai wannan kuɗin da aka ajiye shi ne na farko da hannu ke kaiwa gare shi ranar da ciwo ya faɗo wa iyali ba zato. Naƙuda ta yi gardama a ce sai tiyata, ko yaro ya faɗo a babur ya karye, ko hawan jini ya kayar da tsohuwa cikin dare. Mafi yawan mutanenmu daga aljihunsu suke biyan magani, kuma a asibitoci da dama sai an ajiye wani abu kafin a fara aiki. Babu mai hankalin da zai bar matarsa a kan gadon asibiti don ya tsare kuɗin haya. Amma bayan an sallamo mara lafiya, mai gida yana nan da haƙƙinsa, kuma yadda ɗan haya ya tunkare shi a kwanakin nan shi ke nuna ko zaman zai ɗore.

Abu na farko shi ne lokaci. Haƙurin da aka bayar kafin ranar biya ta cika ya fi wanda aka bayar bayanta nauyi nesa ba kusa ba. Da yawa kunya ce ke hana su magana. Sai mutum ya daina ɗaga waya, ya canza hanyar masallaci, ya riƙa fita da asuba yana dawowa bayan isha. Shi a ransa nauyi yake ji, amma mai gida abin da yake gani raini ne. Kuma masu gidaje ba duka ne attajirai ba. Akwai ɗan fansho da ya gina ɗakuna huɗu da kuɗin sallamarsa, akwai gwauruwar da kuɗin hayar ne abincin 'ya'yanta da kuɗin makarantarsu. Irin waɗannan sun riga sun tsara abin da za su yi da kuɗin tun kafin ya zo. Idan aka sanar da su da sauran mako biyu, suna iya neman wata dabara. Idan kuwa sai da ranar ta wuce suka ji, an jefa su cikin irin halin da ɗan hayar yake ciki.

Sannan a san wa za a tunkara. Idan wakili ne ko dillali yake karɓar haya, a faɗa masa, amma a tabbatar maganar ta isa kunnen mai gidan, domin wakili ba kullum yake da ikon ɗaga rana ba. Idan kuma gidan gado ne mai magada da yawa, ko akwai marayu a ciki, wanda yake karɓar kuɗin amana yake riƙe da ita, kuma za a tambaye shi. Wannan ya fi kowa bukatar a ba shi rana a rubuce, don ya samu abin nuna wa 'yan'uwansa.

Yadda ake fitar da ranar

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen yanka rana. Ɗan haya yana tsugune gaban mai gida, nauyi ya kama shi, sai ya ce "ƙarshen wata in Allah ya yarda", alhali bai san inda kuɗin zai fito ba. Ƙarshen wata ya zo babu, ya sake roƙon mako biyu. Daga nan ba rashin lafiyar ake tunawa ba, saɓa alkawarin ake ƙirgawa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, don haka kafin a ɗauka a san nauyinsa. Ranar biya daga lissafi ake fitar da ita, kuma a zauna a yi lissafin kafin a je wurin mai gida.

Mu ɗauki misali. Wani ma'aikaci yana haya a kan naira 350,000 a shekara, kuma hayarsa tana cika ranar 1 ga Maris. Ya tara naira 300,000. A tsakiyar Fabrairu aka yi wa matarsa tiyatar haihuwa ta gaggawa, kuɗin aiki da jini da magani suka ci naira 220,000. Abin da ya rage a hannunsa naira 80,000 ne. Idan ya miƙa wannan, saura naira 270,000.

Yanzu sai ya duba hanyoyin da kuɗi zai shigo masa, ya raba su gida biyu: tabbatattu da na sa rai. Yana da kwasar adashi ta naira 150,000 a ƙarshen Afrilu, wannan tabbatacciya ce tunda an riga an yi jeri. Daga albashinsa, bayan ya cire abinci da kuɗin mota da maganin mai jego, yana iya ware naira 40,000 duk wata. Akwai kuma ƙaninsa da ya ce zai taimaka idan kasuwa ta yi kyau. Wannan na ƙarshe ba a gina rana a kansa. Idan ya zo, sai a biya da wuri, mai gida ya ji daɗi.

Da tabbatattun kaɗai, zuwa ƙarshen Afrilu yana da kuɗin adashi da abin da ya ware daga albashin Maris da Afrilu, jimilla naira 230,000. Sauran naira 40,000 sai albashin Mayu ya shigo. Amma kada ya ce 30 ga Afrilu, domin albashi yana jinkiri, kuma a adashi akwai masu makara da zubi. Sai ya ƙara kwana goma: 10 ga Mayu zai kawo naira 230,000, 10 ga Yuni ya cike naira 40,000. Ranar ta yi nisa, kuma zai ji nauyin faɗarta. Duk da haka rana mai nisa da za a cika ta fi ta kusa da za a saɓa.

Naira 80,000 ɗin nan kuma kada ya riƙe ta yana jiran sai kuɗin ya cika. Miƙa ta shi ne shaidar da ta fi kowace rantsuwa ƙarfi, kuma kuɗin da ya zauna a gidan da ake jego ba ya daɗewa. Haka nan ya yi hattara da hidimar suna. Mai gidan da aka ce wa babu, sannan ya ga an kafa rumfa an ɗinka anko, da wuya ya sake gaskata wata magana.

Kalaman da za a faɗa

A al'adarmu zuwa da ƙafa ya fi saƙon waya daraja, musamman idan mai gidan dattijo ne. A je a gaishe shi, a faɗi abin da ya faru a taƙaice, sannan a biyo da rubutu, ko a takarda ko ta waya, don magana ta zauna. Ga yadda saƙon mutumin namu zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Baba. Ina neman afuwarku a kan kuɗin hayar da zai cika ranar 1 ga Maris. An yi wa iyalina tiyatar gaggawa makon jiya, kuɗin da na tara domin haya ya tafi a asibiti. Alhamdu lillahi, ita da jaririn suna samun sauƙi. Yau zan kawo naira 80,000. Ranar 10 ga Mayu zan kawo naira 230,000 daga adashi da albashina, ranar 10 ga Yuni in cike naira 40,000 da ta rage, in Allah ya yarda. Na san ku ma kuna da hidimar da kuka tsara da kuɗin nan, ku yi haƙuri da jinkirin da na jawo muku. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri."

Saƙon bai yi dogon bayanin ciwo ba, domin sirrin mara lafiya nata ne, kuma yawan kuka yana sa mai sauraro ya fara zargin ana neman a yafe kuɗin ne. Jumla ɗaya ta isa, idan mai gida ya nemi shaida sai a nuna masa rasit ɗin asibiti. Saƙon bai kuma cusa ƙorafin rufin da ke yoyo ko rijiyar da ta ƙafe ba. Waɗannan suna da ranarsu, amma idan aka haɗa su da ban haƙuri sai ya koma ciniki. Ya faɗi adadi, ya faɗi rana, ya faɗi inda kuɗin zai fito, ya kuma amince cewa jinkirin ya taɓa mai gidan.

Rubuta irin wannan alkawari ba rashin yarda ba ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi mai wa'adi da kafa shaidu ta sauka. Aya ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kowanne ɓangare yana da nasa nauyin. Idan kuɗin yana da yawa, a sa mutum ɗaya ko biyu su shaida, kamar limamin unguwa ko mai unguwa. Duk abin da aka biya a karɓi rasit mai nuna adadi, da shekarar hayar da aka biya, da abin da ya rage. Idan ta banki aka tura, a ajiye shaidar turawar.

Abin da doka ta ce

Rashin lafiya ba ya sauke kuɗin haya a gaban kotu, kuma saƙon da ɗan haya ya rubuta shaida ce cewa ya amince da bashin. Don haka kada ya rubuta adadi ko ranar da bai tabbatar ba. A ɗaya ɓangaren, mai gida ba shi da ikon cire rufi, ko garƙame ƙofa, ko watso kaya waje da kansa. Dokokin karɓar gida daga ɗan haya sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma tsarin da aka fi sani shi ne: idan babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, mai hayar wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai hayar shekara kuma na wata shida, sannan a biyo da na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Idan kuwa takardar hayar ta yanke ranar ƙarewa, kuma ranar ta wuce ba a sabunta ba, notis na kwana bakwai yana iya wadatarwa. Saboda haka ɗan haya ya karanta takardarsa kafin ya saki jiki da zancen wata shida.

Wani lokaci, duk da lissafi, abin yakan sake karkacewa: ciwo ya dawo, ko adashi ya watse. Da zarar mutum ya hango ranar ba za ta cika ba, ya koma wurin mai gida da sauran mako guda, ya kai abin da ya samu, ya faɗi sabuwar rana guda ɗaya. Idan kuma ya ga jinyar za ta yi tsawo har hayar ta fi ƙarfinsa, gara ya faɗi gaskiya, ya nemi a mayar da biyan na wata-wata, ko a ba shi lokaci ya nemi gida mai sauƙi ya biya bashin a hankali. Masu gidaje suna tambayar juna labarin ɗan haya kafin su ba shi makulli, kuma shaidar da tsohon mai gida zai bayar, cewa wannan ya taɓa shiga matsala amma ya cika ranar da ya yanka, tana buɗe masa ƙofar gida na gaba.