Inshorar motar gida ba ta ɗaukar asarar direban haya

Daga Belel zuwa Maiha har cikin Mubi, ba wuya ka ga motar gida mai lamba da shuɗin rubutu ana yi mata waya ta zo ta ɗauki shata. Samarinmu da suka tafi Abuja ko Kano kuwa, da yawa sun karɓi motar wa ko ta kawu sun yi rajista da Bolt ko Uber, suna kawo balas duk mako. Ka tambayi kowannensu ko yana da inshora, zai zaro takarda ya nuna maka, kuma ta gaskiya ce. Sai dai an yanke ta ne don zirga-zirgar gida, shi kuma haya yake yi da motar.

A jikin satifiket ɗin inshorar mota akwai wani sashe da ake rubuta wa `Limitations as to use`, inda aka iyakance abin da za a yi da motar. A takardar motar gida, abin da aka yarda da shi shi ne hidimar iyali, ziyara, biki, shaƙatawa, sau da yawa har da zuwa wurin aikin mai ita. A ƙasan wannan sai a ce inshorar ba ta shafi `hire or reward` ba, wato ɗaukar mutum ko kaya don a biya ka. Daga lokacin da fasinja ya shiga bisa sharaɗin zai biya, tafiyar ta fita daga abin da kamfani ya ɗauki alhakinsa, ko ta manhaja aka kira ka, ko a bakin tasha aka tsayar da kai.

Ba mugunta ce ta sa aka yi haka ba, lissafi ne. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, motarsa na yin awa ɗaya ko biyu a titi. Direban haya kan wuni ya kai dare, yana bin unguwannin da bai sani ba, ido ɗaya a titi ɗaya a waya, ga gajiya, ga baƙon da bai san halinsa ba a kujerar baya. Haɗari da sata sun fi kusa da shi, kuma in fasinja ya ji rauni akwai wanda zai nemi diyya. Kuɗin da mai motar gida ya biya ba a auna shi da wannan nauyi ba. Tun 1 ga Janairun 2023, Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta sa inshorar dole ta motar gida a kan naira 15,000 a shekara, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Cikakkiyar inshora, mai biyan gyaran motarka kai ma, ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar.

Mu ɗauki misali. Wani malami a Mubi yana da Corolla da aka yi wa kuɗi naira miliyan 8. Ya yi mata cikakkiyar inshora ta motar gida, ya biya naira 400,000. Daga baya ya ba ƙanensa ita ya tafi Abuja yana aikin manhaja, bai sanar da kamfani ba, don a ganinsa mota dai ita ce, takarda ma ita ce. Wata rana da yamma, da fasinja a baya, yaron ya daki wata mota ta baya a danja. Gyaran Corolla ya kama miliyan 2 da rabi, na ɗaya motar miliyan 1 da dubu 800, fasinja kuma ta karye a hannu, asibiti ya ci dubu 600. Jimla miliyan 4 da dubu 900.

Malam ya cike fom ɗin neman diyya. A ciki akwai tambayoyin da ba a tsallakewa: wa ke tuƙi, su wa ke cikin motar, kuma me aka fita yi? In ya faɗi gaskiya, kamfani zai nuna masa wancan sashe ya ce tafiyar ba ta cikin yarjejeniya. In ya ce 'yar'uwa ce aka rage wa hanya, ba shi kaɗai zai yi bayani ba. Akwai rahoton 'yan sanda, akwai bayanin fasinja da ta riga ta ce motar haya ta kira, akwai tarihin tafiyar a wayarta da sa'a da lambar mota da kuɗin da aka caje ta. Jami'in da kamfani ya turo duba ɓarna kuma yakan leƙa mitar tafiya. Motar da aka ce ta zuwa makaranta ce amma ta ci dubban kilomita cikin 'yan watanni, ita da kanta ta ba da shaida. Nan magana ta tashi daga saɓa sharaɗi ta koma ƙarya wajen neman diyya, wadda kan sa a soke takardar baki ɗaya. Ko da doka ta tilasta wa kamfani biyan wanda aka ji wa rauni, yarjejeniyar kan ba shi damar ya dawo ya nemi kuɗinsa a wurin mai takarda. Sunan malam ne a jiki, don haka shi da yake zaune a Mubi za a nema.

Abu biyu ne ke ruɗin direbobi. Na farko, an bar su sun wuce a shingen bincike. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta duba inshorar dole, kuma kowa na iya buga `*565*11#` ya tabbatar ko takardarsa na cikin rumbun bayanan masu inshora. Amma wannan yana nuna takardar ba jabu ba ce kawai, bai ce ta dace da haya ba. Na biyu, wai ai manhajar ta karɓi takardar lokacin rajista, har ma tana da inshorar tafiya. Karɓar da manhaja ta yi bai canja ko harafi ɗaya a yarjejeniyarka da kamfanin inshora ba. Inshorar tafiyar kuma, inda ake da ita, galibi raunin fasinja da direba ta shafa a lokacin da tafiyar ke buɗe a manhaja. Wanda ya ce wa fasinja "Hajiya, ki soke mu yi ciniki a tsakaninmu" don gudun kamasho, ya fitar da kansa daga wannan ɗin ma.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai a yi shi kafin a fara aiki. Mai motar da kansa zai je kamfanin ko wakilinsa ya ce motar za ta shiga haya, ya faɗi garin da za ta yi aiki da wanda zai tuƙa ta. Za su ƙara masa kuɗi, su ba shi takardar gyara ko sabon satifiket da ya ambaci ɗaukar fasinja don kuɗi. Ya tambaya musamman ko an haɗa da diyyar fasinja, kuma nawa ne iyakarta ga mutum ɗaya. Alkawarin baki na wakili ba ya aiki ranar diyya, sai abin da ke rubuce. Masu gudun inshora saboda addini da suke zaɓar takaful, kamar Jaiz ko Noor, su ma su duba, don ana raba motar gida da ta haya a can.

Mutanen Belel suna da ƙarin abin lura, tunda Kamaru na nan kusa. Katin Brown Card da ke haɗe da inshorar dole na ƙasashen ECOWAS ne, Kamaru kuwa ba ta cikinsu. Wanda zai tsallaka da shata yana buƙatar inshorar da ake karɓa a can, bayan ta hayar da zai yi a gida.