Wa ya isa ya buɗe fayil ɗin majinyaci? Hanyoyi biyu na raba izini a kwamfuta

Duk asibitin da ya mayar da bayanan majinyata cikin kwamfuta sai ya amsa tambaya ɗaya: wane ne zai ga me, wane ne kuma zai iya gyarawa? Masana tsaron bayanai suna da manyan hanyoyi biyu na amsa ta, RBAC da ABAC.

Hanya ta farko, RBAC, tana ɗora izini a kan muƙami. David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka ne suka fayyace tsarinta a 1992, aka kuma amince da ita a matsayin mizani a ƙasar a 2004. Mai kula da kwamfutocin asibiti zai rubuta muƙamai: likita, nas, mai ba da magani, ma'aikacin kati, mai karɓar kuɗi. Likita yana rubuta magani, mai ba da magani yana gani amma ba ya canzawa, mai karɓar kuɗi yana ganin lissafi amma ba ya ganin sakamakon gwaji. In an ɗauki sabuwar nas, sai a sa sunanta a muƙamin nas, shi ke nan. In masu binciken kuɗi suka zo suka tambayi wa ke da ikon soke rasit, nan take za a fito musu da sunaye. Ana kuma iya hana mutum ɗaya riƙe muƙamai biyu masu karo da juna, kamar mai neman a biya kuɗi da mai amincewa da biyan.

Matsalar tana farawa ne ranar da shugaban asibiti ya ce kowace nas ta ga majinyatan sashenta kaɗai, kuma sai tana kan aiki. Kalmar nas ba ta ƙara isa ba. Dole a ƙirƙiri nas ta sashen haihuwa mai aikin safe, da mai aikin dare, da ta sashen yara, haka dai har ƙarshe. A ce muƙamai 5 ne, sassa 6, lokutan aiki 3: an tashi da muƙamai 90. Ƙara reshe na biyu, su zama 180. Alamar an shiga wannan hali ba ta ɓuya. Za a ga muƙaman da mutum ɗaya tak ke riƙe da su, da kuma tsofaffin ma'aikata da aka yi ta yi wa canjin sashe ba a ƙwace musu izinin baya ba.

A nan ABAC ke da amfani. Ita tana duba siffofi ne a daidai lokacin da aka nemi shiga: siffofin mai nema, na fayil ɗin, na abin da ake son yi da shi, da na yanayi, kamar lokaci da na'urar da aka shigo da ita. NIST ta fitar da jagora a kanta a 2014. Maimakon muƙamai barkatai, sai a rubuta ƙa'ida guda: nas za ta karanta fayil in sashenta ya yi daidai da sashen da majinyaci yake kwance, kuma sunanta yana cikin jadawalin aikin wannan lokaci. Ranar da aka mayar da majinyaci sashen tiyata, izini ya bi shi can da kansa.

Sai dai ƙa'idar ba ta san komai ba sai abin da aka shigar mata. In an yi wa nas canji ranar Litinin, ofishin ma'aikata bai gyara sashenta ba sai Alhamis, kwana uku za ta yi tana tsaye a kan majinyaci kwamfuta na hana ta fayil, alhali na tsohon sashenta a buɗe suke gare ta. Abin da kan biyo baya shi ne aron lambar sirrin abokiyar aiki, daga nan kuwa ba a ƙara sanin wanda ya buɗe me ba. Tambayar masu bincike ma ta yi wuya, domin amsar wa ke iya ganin fayil kaza tana canzawa daga awa zuwa awa. Shi ya sa dole a bar ƙofar gaggawa, wadda likita zai bi ya buɗe fayil ɗin da ba nasa ba, amma a rubuta sunansa da dalilinsa don a bincika daga baya.

To, wace ta dace da wa? Ma'aikatar da ayyukanta ba su cika sauyawa ba, sunan muƙami kuma ya isa ya nuna abin da mutum zai taɓa, kamar makaranta ko ƙaramin asibiti, RBAC ta ishe ta. Wadda izini a cikinta ya danganta da reshe, lokaci ko alaƙar ma'aikaci da fayil, kamar babban asibiti ko banki mai rassa, tana bukatar ABAC, muddin tana da wanda zai riƙa sabunta bayanan ma'aikata a kan kari. Da yawa haɗa su suke yi: muƙami ya yanke iyakar abin da mutum zai iya yi, siffofi biyu ko uku su rage masa fayilolin da zai yi shi a kai. Asibitin da ya bi wannan hanya zai ci gaba da muƙamansa 5, ya ƙara ƙa'idar sashe da ta lokacin aiki.