Yadda ake mayar da jerin maki ya koma tsarin rajistar aji

A ƙarshen zango, malaman darussa sukan miƙa maki a dogon jeri: kowane layi da lambar ɗalibi, sunansa, darasi da makinsa. Shi kuwa malamin aji tsarin rajista yake buƙata, wato kowane ɗalibi layi guda a kwance, kowane darasi da gurbinsa a tsaye.

Mu ɗauki ajin JSS 2 mai ɗalibai 45 da darussa 9. Kafin a taɓa komai a Excel, a ƙirga layukan jerin. Ya kamata su zama 405. In an samu 407, akwai makin da ya shiga sau biyu. In an samu 398, wasu ba a saka musu ba.

Sai a daidaita sunayen darussa. Wani malami ya rubuta `Maths`, wani `Mathematics`, kuma a wurin kwamfuta darussa biyu ne daban. A zaɓi suna ɗaya. A sabon shafi, a jera darussan a layin sama bisa tsarin katin sakamako, a bar wannan jerin haka a kowane aji, ko da wani ajin ba ya ɗaukar wani darasi. Gurbinsa ya zauna babu komai, don kada makin Hausa ya faɗa ƙarƙashin Larabci ranar da aka haɗa azuzuwa.

Ɗalibai kuma a jera su yadda suke a rajista, amma da lambar shiga makaranta za a nemo makin kowa. Suna ba abin dogaro ba ne, don ba abin mamaki ba ne a samu yara biyu masu suna ɗaya a aji, har da sunan mahaifi.

Inda aka fi cutar yara shi ne wajen kwaso makin. `SUMIFS` tara duk abin da ya tarar yake yi. In 62 ya shiga sau biyu zai ba da 124, kowa zai gani. Amma 38 sau biyu 76 ne, sai wanda ya faɗi ya fito da sakamako mai kyau, ba wanda ya lura. Sannan in bai tarar da komai ba sifili yake rubutawa, yarinyar da ta yi jarrabawa amma aka manta makinta sai ta gangaro ƙasan aji. A ganina wannan ya fi ciwo.

Maganin shi ne a fara ƙirga sau nawa kowane ɗalibi ya fito a kowane darasi. In shafin jerin sunansa `Jeri`, lamba a A, darasi a C:

```
=COUNTIFS(Jeri!$A:$A,$A2,Jeri!$C:$C,C$1)
```

Kowane gurbi ya nuna 1. Inda ya nuna 2 a goge maimaicin, inda ya nuna 0 a koma wurin malamin darasin a duba takardun jarrabawa kafin a fitar da na ɗaya da na biyu.